Darasi na 7: Wane zane ne ke ninkuwa ya zama akwati mai fuska 6?

Ka ɗauki dunƙulen magi ko ɗan lido ka juya shi a hannunka. Fuskokinsa 6 ne duk girmansu ɗaya, kusurwa 8, kuma a kowace kusurwa fuska 3 ne suke haɗuwa. Riƙe wannan ukun da kyau, zamu dawo kansa.

Mai kwalin turare a Kasuwar Bacci ko maƙerin gwangwani a Panteka duk a shimfiɗe suke fara zana akwati kafin su yanka su ninke, to matsalar ita ce ba kowane zane mai gida 6 bane yake rufuwa. Hanyoyin jera gidaje 6 masu kusurwa huɗu gefe da gefe guda 35 ne, amma 11 kacal ke zama akwati, sauran 24 asarar kwali ce.

Ka samo tsohon kwali da rula da fensir da almakashi, ka zana gidaje masu santimita 5 tsawo da faɗi. Fara da mafi sauƙi: gida 4 a layi ɗaya. In ka ninke su zasu zagayo su zama bango huɗu kamar ɗakin da ba rufi ba daɓe. Saura biyu, ɗaya murfi ɗaya gindi, don haka dole ɗaya ya kasance a saman layin ɗaya a ƙasansa. Ko a jikin wane gida ka maƙala su ba komai, zai rufu, kuma daga nan kaɗai ake samun 6 cikin 11 ɗin nan. Amma in ka sa su duka biyun a sama to ka yi murfi biyu kenan, ɗaya zai hau kan ɗaya gindi kuma a buɗe. Wannan kuskuren shi na fi gani a aji, mutum ya ƙirga gida 6 cif ya ce malam ai ya cika.

Akwai abu biyu da ido kawai zai kama tun ba a taɓa almakashi ba. In ka ga gida 5 ko 6 a layi ɗaya ka ajiye shi, bango huɗu ne ke zagaye akwati, na biyar zai dawo ya kwanta kan na farko ne. Sai kuma gida 4 da suka dunƙule wuri ɗaya, biyu sama biyu ƙasa kamar tayil ɗin ɗaki. Ka tuna fuska 3 ne ke haɗuwa a kusurwa? To nan 4 ne suka haɗu a ɗigo ɗaya, babu giɓin da zai bari kwalin ya tashi, ko ka matsa sai dai ya cukuikuye.

Toh idan zanen ya tsallake waɗannan fa? Sai a nemi abokan kallo, wato fuskokin da zasu fuskanci juna, kamar yadda 1 da 6 suke a ɗan lido. Kowace fuska abokinta ɗaya ne tak. In gida 3 suna layi, na farko da na uku abokai ne. Haka in jerin ya yi gwiwa sau biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can kamar matakalar bene, na bakin nan da na bakin can abokai ne. Duba wannan:

```
1 2
  3 4 5
    6
```

3 da 5 suna layi da 4 a tsakaninsu, sun zama abokai. Daga 2 ka sauko 3 ka wuce 4 ka sake saukowa 6, matakala ce, 2 da 6 kenan. Daga 1 zuwa 2 zuwa 3 zuwa 4 ma matakala ce, 1 da 4. Kowa ya samu nasa ba wanda ya yi biyu, zai rufu.

Yanzu cire 6 ka mai da shi saman 5. Ba layin biyar, ba dunƙulen huɗu, a ido kamar lafiya lau, amma 2 da 6 yanzu gefe guda suke na layin, wuri ɗaya zasu faɗa, 2 ya rasa abokin kallo kuma fuska ɗaya ta zauna a buɗe. Duk inda ka ga gida biyu sun tsaya kamar ƙahon sa a gefe ɗaya na layi haka zata kasance.

In har yanzu zuciyarka bata kwanta ba, ɗora dunƙulen magi a gida ɗaya na zanen ka riƙa mirgina shi gida gida kana sa alama da biro a fuskar da ta taɓa ƙasa, in ka iso reshe ka koma baya ka bi ɗaya hanyar. Fuska ɗaya ta sauka a gida biyu daban, zanen ya faɗi.

Aikin gida: ka yanko zanen matakala mai gida biyu biyu biyu, da mai layi biyu uku uku wanda gida ɗaya kawai ya haɗa su, ka rubuta abokan kallo kafin ka ninke. Gefuna 7 ne zaka liƙe, don haka ka taho da salatif ko ka bar kunnen gam guda 7.