Yadda na warware lissafin teburin ICE da ya ƙi fita

Ƙanwata ta kawo min tambaya: asid ɗin da ke cikin binega, CH₃COOH, mai ƙarfin 0.0010 M, Ka = 1.8 × 10⁻⁵, wato ma'aunin yadda asid ɗin ke rabuwa a ruwa, a nemo [H⁺], wato yawan H⁺ da ke cikin ruwan. Ta samu 1.34 × 10⁻⁴, amma amsar malaminsu daban.

Na sake zana teburin: I shi ne abin da aka fara da shi, C canjin da ya faru, E kuma abin da ya rage a daidaito.

```
   CH₃COOH      H⁺   CH₃COO⁻
I  0.0010       0    0
C  −x           +x   +x
E  0.0010 − x   x    x
```

Teburinta lafiya lau, kuma daga layin E ake samun Ka = x² / (0.0010 − x). Matsalar tana wajen jefar da x ɗin da ke cikin 0.0010 − x, wai don Ka ƙarami ne. To, ƙanƙantar Ka kaɗai ba ta isa ba, sai an auna. Da na raba amsarta da 0.0010, sai na ga sama da kashi 13 cikin ɗari na asid ɗin ya rabu, alhali yanken nan ba ya aiki in an wuce kashi 5. Ruwan ya yi wa asid ɗin yawa.

Sai na bar x a wurinsa, na warware x² + 1.8 × 10⁻⁵x − 1.8 × 10⁻⁸ = 0, na watsar da amsar da ke ƙasa da sifiri. x ya fito 1.25 × 10⁻⁴ M, daidai da na malamin.

Da 0.10 M aka ba ta, da yanken ya yi, don kashi 1.3 kawai ke rabuwa.