Yadda Ake Rubuta Bayanin Matakan Maki Da Zai Raba Aiki Mai Kyau Da Fitaccen Aiki

Kusan duk sabon malamin da ya kawo mini ma'aunin ba da maki in duba masa, abu guda nake tararwa. Matakin ƙasa ya ce ɗalibi "ya yi bayani kaɗan", na biye ya ce "ya yi isasshen bayani", na uku "ya yi bayani mai kyau", na sama kuma "ya yi bayani mai kyau ƙwarai". Jimla ɗaya ce aka maimaita sau huɗu ana sauya mata siffa. Ranar da ɗalibi ya zo da takardarsa ya ce, "Malam, me ya hana ni matakin sama?" ba ka da abin nuna masa, sai dai ka ce aikinsa bai kai ba, shi kuwa ya riga ya san haka tun da ya ga makinsa.

"Isasshe", "gamsasshe", "daidai gwargwado", "sosai", "mai zurfi", duk hukunci ne da mai makin ya yanke a ransa. Bayanin mataki kuwa ana so ya faɗi abin da ke cikin takarda, wanda ya jawo wannan hukuncin. Masu tsara matakan ƙwarewar harshe na Turai, waɗanda suka fito a 2001 daga A1 zuwa C2, sun yi wannan gargaɗin: kada bambancin mataki da mataki ya tsaya kan musanya "kaɗan" da "da yawa".

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe. Ɗalibai sun yi gwajin tsirowar iri a kwalba huɗu, kowace da ƙwaya 10. Ta farko tana da ruwa da iska da ɗumi, ta biyu babu ruwa, ta uku an ajiye ta a wuri mai sanyi, ta huɗu an nutsar da irin cikin tafasasshen ruwan da ya huce aka malala mai a samansa don kada iska ta shiga. Ƙwaya 8 suka tsiro a ta farko, 1 a ta sanyi, sauran biyun babu ko ɗaya. Abin da za mu auna shi ne yadda ɗalibi ya yi bayanin sakamakon, ba kyan rubutun hannu ko zanen kwalabe ba.

Fara da takardu, jadawali daga baya

Kada ka zauna da farar takarda kana ƙirƙiro matakai daga kai. Nemo tsofaffin amsoshin ɗalibai kan wannan aikin, kamar guda 20 zuwa 30, ka rufe sunaye da tsohon maki. Karanta da sauri kana jefa su kashi huɗu bisa yadda ranka ya ba ka. Idan aikin sabo ne babu tsofaffin amsoshi, ka bari aji ɗaya ya yi shi tukuna ba tare da maki ba. Asarar darasi guda ce, kuma ta fi sauƙi a kan rigimar maki a ƙarshen zango.

Yanzu ajiye kashi biyun ƙasa gefe. Kowa ya iya bambance wanda ya rubuta layi biyu da wanda ya cika shafi, wahalar tana sama.

Iyakar da ke tsakanin matakai biyun sama

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na daɗe ina tuntuɓe. Kada ka kwatanta takardar da ta fi kowace a aji da wata matsakaiciya, domin za su bambanta a abubuwa goma, ba za ka gane wanne ne ya raba su ba. Ɗauki wadda ta fi ƙarfi a kashin "mai kyau", ka ɗauki wadda ta fi rauni a kashin "fitacce", ka jera su kusa da juna. Da biro a hannu, ja layi ƙarƙashin jimlar da ke cikin ta biyun wadda babu irinta a ta farko.

A misalinmu, amsa mai kyau takan zo kamar haka: "Iri yana buƙatar ruwa da iska da ɗumi kafin ya tsiro. A kwalba ta farko da ke da duka ukun, 8 cikin 10 sun tsiro. A inda babu ruwa da inda babu iska babu wanda ya tsiro, a ta sanyi kuma ɗaya ne kawai." Babu kuskure ko ɗaya a nan. Ta kawo ƙa'ida, ta kawo alƙaluma, kowane sharaɗi an jingina shi da kwalbarsa.

Fitacciyar ta faɗi duk wannan, sannan ta ƙara: "Biyun da ba su tsiro ba a kwalba ta farko wataƙila matattu ne tun asali, tunda ba su rasa komai ba. Ɗayan da ya tsiro cikin sanyi yana nuna cewa sanyi na iya jinkirta tsirowa ne, ba lallai ya hana ta ba, don haka da an ƙara kwanaki da an tabbatar." Ga bambancin nan. Ba tsawon bayani ne ya ɗaga ɗalibar ba, ba kuma iya zuba kalmomi ba. Ta yi wani aiki ne daban: ta waiwayi sakamakon da ya saɓa wa ƙa'idar, ta nema masa dalili, ta kuma faɗi yadda za a gwada dalilin.

Wannan ya yi daidai da tsarin SOLO na auna ingancin amsar ɗalibi da John Biggs da Kevin Collis suka fitar a 1982. A matakansa biyar akwai wanda ɗalibi yake kawo abubuwa da yawa daidai amma kowane na zaman kansa, sai na samansa inda yake ɗaure su da juna, sai na ƙarshe inda yake kai tunanin ga abin da ba a ba shi ba. Ba na cewa ka kwafe tsarin, amma yana tuna maka irin tambayar da za ka yi wa takardun nan biyu: wane sabon aiki ne na saman ya yi?

Maimaita wannan da wasu takardu biyu, sannan wasu biyu. Idan abu ɗaya ya fito sau uku, shi ne iyakarka. Idan kowane karo abu daban yake fitowa, to ma'aunai biyu ka cakuɗa wuri guda, ka raba su.

Sai ka rubuta, kowane mataki da fi'ilin abin da ɗalibi ya aikata:

Mai kyau: Ya faɗi sharuɗɗa ukun tsirowa, kuma ya kafa hujjar kowanne da adadin irin da ya tsiro a kwalbar da ta shafe shi.

Fitacce: Ya yi duk abin da ke matakin mai kyau, sannan ya ɗauko sakamakon da ya saɓa wa ƙa'idar, ya ba shi dalilin da ya dace da alƙaluman, ya kuma faɗi canjin da za a yi wa gwajin don a tabbatar da dalilin.

Lura da yadda aka rubuta matakin mai kyau. Sababbi sukan rubuta shi da abin da ɗalibi ya rasa: "bai yi zurfi ba", "bai kai ga nazari ba". Ni ƙa'idata ita ce kalmar "bai" ba ta shiga matakai biyun sama sam. Wanda ya samu mai kyau ya yi aiki, a faɗa masa abin da ya yi, layin da ke sama kuma ya nuna masa abin da ya saura.

Tarkon ƙidaya

Da malami ya gane illar kalmomi marasa kan gado, sai ya ruga wajen lamba: dalili biyu mai kyau, dalili uku fitacce. Na yi wannan, kuma a zango guda ɗalibaina suka gano lagona. Sai ga amsoshi da dalilai biyar biyar, uku daga ciki magana ɗaya ce aka juya, ni kuma ma'aunin da na rubuta da hannuna ya tilasta mini in ba su matakin sama. Wata yarinya da ta kawo dalili biyu ta warware su tsaf ta tsaya a ƙasa da su. Lamba tana da amfani ne idan aikin da kansa ya zo da ita, kamar sharuɗɗa uku a gwajinmu, domin uku ne ɗin. Amma lambar da kai ka ƙago don ka samu abin raba mataki, yawa kawai take aunawa.

Akwai kuma kalmomin da suke kama da tsayayyu alhali ba haka ba ne. "Ya nazarci sakamako", "ya tantance", "ya fahimta". Ana ɗebo su daga jerin matakan tunani na Benjamin Bloom na 1956, a ɗauka da an sa "nazari" a sama an sa "bayani" a ƙasa an gama. Ba wanda yake ganin fahimta a takarda. Tambayi kanka, idan ɗalibi ya nazarta, wace jimla zan gani? Amsar da ka bayar ita za ka rubuta a jadawalin, ka jefar da kalmar nazarin.

Gwaji kafin a kai aji

Gwaji na farko na yatsa ne. Karanta bayanin matakin, ka ga ko za ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya cika shi a takardar ɗalibi. Idan sai ka shafa hannu a kan shafin gaba ɗaya kana cewa "ai ka ga yanayinsa", bayanin bai nuna ba tukuna.

Na biyu, yanke bayanan ka cire sunayen matakai, ka ba wani malami tare da takardu 10 da bai taɓa gani ba, kai ma ka yi naka makin daban. Ni idan mun saɓa a fiye da biyu, ba na gardama da shi, sai in tambaye shi wace kalma ce ya karanta ba yadda na nufa ba, in gyara ta. Kada ka tsaya a kansa kana fassara masa, domin ranar jarrabawa ba za ka kasance kusa da kowane mai makin ba.

Ko bayan duk wannan za a samu kalma ɗaya ko biyu da suka ƙi fita, irin su "dalili mai ma'ana". Maganinsu shi ne ka liƙa wa kowane mataki ainihin amsar ɗalibi guda biyu marasa kama da juna, an cire suna, an ja layi a inda ya cika sharaɗin. Biyu nake cewa, saboda in ɗaya ce za su haddace ta su dawo maka da ita. Kowane bayani kada ya wuce jimla biyu, matakai kuma huɗu sun ishe ka, matakan ƙasa sai ka rubuta su da wannan hanyar cikin 'yan mintuna. Ka raba wa ɗalibai jadawalin kafin su fara aikin, ka kuma ajiye duk takardar da ta burge ka amma ta ƙi shiga kowane mataki, da ita za ka fara gyara a zango mai zuwa.