Kafin ka kira mai gyaran famfo

Kada ka tura masa “famfona ya lalace” kawai. Faɗa masa wane famfo ne, yaushe abin ya fara, me kake gani.

Misali: “Salam maigida. Famfon banɗaki ruwa na zuwa kaɗan-kaɗan tun jiya. Na kicin lafiya lau, tanki a cike yake, babu jiƙa a bango. Ga bidiyo.”

Ambaton famfon da ke aiki ma yana taimaka masa. Daga nan zai gane matsalar ba daga tanki take ba: wataƙila datti ne ya toshe 'yar rariyar bakin famfon, ko famfon ne ya lalace. Sai ya taho da kayan da suka dace, ba sai ya koma ba.

Amma idan bututun cikin bango ko na ƙarƙashin ƙasa ne ke yoyo, waya ba za ta yi ba. Rufe babban makunnin ruwa, ka ce ya zo ya gani.