Darasi na Bakwai: Zaɓen Gilashin Taga

Wanda ya je wurin mai aikin alminiyom a Agege ko Idi-Araba domin a haɗa masa taga, yawanci iri uku za a nuna masa: farin gilashi, da gilashi mai duhu, da gilashi mai roba a tsakiya, wato laminetad. Mutane da yawa suna ɗauka cewa mafi tsada shi ne maganin komai, alhali zafi daban ne, haɗarin fashewa kuma daban, kuma kowanne da gilashin da ya dace da shi.

Farin gilashi shi ne mafi araha, kuma ya fi kawo haske, sai dai kusan kashi 80 cikin 100 na zafin ranar da ya sauka a kansa yana wucewa cikin ɗaki. Idan ya fashe, yana tsagewa ne dogaye masu kaifi.

Gilashi mai duhu, ko ruwan toka ne ko ruwan ƙasa, tun a masana'anta ake haɗa launinsa a cikin jikinsa. Aikinsa shi ne ya shanye wani ɓangare na zafin rana, shi ya sa idan aka taɓa shi da la'asar za a ji ya yi zafi sosai. Wani ɓangare na wannan zafin iska ce ke kwashe shi a waje, saura kuma ya koma cikin ɗaki, don haka a mai kaurin milimita 6 abin da ke shiga yakan sauko zuwa wajen kashi 60. Ragi ne mai amfani, amma hasken ɗaki ma yakan ragu da kusan rabi, abin da ya kamata mai ɗakin da ke cikin lungu ya auna, musamman a ranar da babu wuta. Wajen fashewa kuwa, ba shi da bambanci da fari. Har ma yana da tasa matsalar: idan tsakiyarsa ta yi zafi alhali gefen da ke cikin firam yana da sanyi, yana iya tsagewa ba tare da an buge shi ba. Ana gane irin wannan tsaga domin daga gefe take tasowa a miƙe kafin ta karkace, kuma ba a ganin gurbin dutse. Gefen da aka yanka da gargada shi ne ya fi jawo ta.

Laminetad falle biyu ne da aka manne da siririyar roba. Wanda aka fi samu shi ne milimita 3 da milimita 3 da roba mai kaurin 0.38, jimilla 6.38. Idan ya fashe, ɓaraguzan suna manne da robar, kuma yana rage ƙarar janareta da ta motocin danfo. Amma idan duka fallayen farare ne, zafin da yake tarewa kaɗan ne. Kafin a biya kuɗi a duba gefensa, domin na gaskiya ana ganin layin robar a tsakani.

Mu ɗauki falon wani gida a Agege mai taga biyu, kowacce mita 1.2 tsawo da faɗi. Legas tana kusa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana a kan rufi rana take, tagogin gabas da na yamma ne ke shan ta kai tsaye. Tagar farko tana kallon arewa, tana sama da ƙugun babban mutum, kuma akwai rumfa a kanta: farin gilashi mai milimita 5 ya wadatar. Ta biyun tana kallon yamma, ƙasanta bai wuce gwiwa ba, yara kuma suna wasa a gabanta. Mai duhu kaɗai zai rage zafi ya bar haɗari, farin laminetad kuma zai kare yara ya bar zafi, saboda haka abin da ya dace shi ne laminetad wanda fallensa na waje mai duhu ne.

Sai a lura da nauyi. Kowane milimita na kauri yana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita ɗaya, wato gilashin tagar farko kilo 18 ne, na biyun kuma, idan mai milimita 6.38 ne, wajen kilo 22. A gaya wa mai aiki ya sa tayoyi masu ƙarfi idan taga mai zamewa ce, kuma kada ya toshe ramukan fitar ruwa na ƙasan firam, domin idan ruwan damina ya kwanta a gefen laminetad, robar takan fara saki, gefen ya yi fari-fari kamar hazo.

Aiki: Ku duba tagogin ɗakinku, ku rubuta inda kowacce take kallo da nisanta daga ƙasa, sannan ku faɗi gilashin da ya dace da ita da dalilinku.