Saura shekara biyu ka yi ritaya? Kurakuran da na gaji da gani

Tun da na ajiye aikin gwamnatin tarayya, ƙofar gidana ta zama ƙaramin ofis. Bayan La'asar sai ka ga mutum ya iso da ambulan a hammata, ya ce: "Alhaji, don Allah duba mini takardun nan, wata uku ya rage mini." Wata uku! Shekara talatin da wani abu kana zuwa ofis, sai yanzu ka tuna? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganata a kan ma'aikacin tarayya ce da ke tsarin fansho na karo-karo. Na jiha ya fara tambayar dokar jiharsa, domin tsarin Kano da na Jigawa daban suke da na tarayya.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne rashin sanin ranar ritayarsu, kuma ni ma shi ya ci ni. Ƙa'ida ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. Malaman firamare da sakandare dokar 2022 ta kai nasu 65 ko 40. Ni na kama aiki a Oktoban 1990, katina na ɗan ƙasa kuma ya ce 1965 aka haife ni. Ta ko'ina na lissafa 2025 nake gani, har na tsara ginin da zan ƙarasa kafin nan. Ashe fom ɗin da na cika ranar da aka ɗauke ni aiki, wanda na kwafo daga takardar firamare, Yunin 1963 ya ce. Gwamnati kuwa ba ruwanta da abin da ke aljihunka, ranar da ke fayil ɗinka na farko take bi, kuma ba a sauya ta. A farkon 2023 aka miƙo mini takarda cewa Yuni zan tafi.

Abin bai tsaya nan ba. A lokacinmu hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana tantance masu ritaya ne tun shekara guda kafin shekarar ritayarsu, domin a san kuɗin da za a tanada musu. Tantancewar 'yan 2023 ta wuce ni ina zaune ina lissafin bulo. Da na je kamfanin fanshona kuma suka ce ranar haihuwar da ke NIN ta saɓa da ta wurin aiki, ba za a taɓa asusun ba sai an daidaita. Na shiga zirga-zirgar rantsuwar kotu, da takardar hukumar ƙidaya, da layin NIMC. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba. Fulotin da na ajiye wa yara ne ya ciyar da gidana a wannan tsakanin, kuma na sayar da shi arha don mai saye ya ga idona.

Saboda haka duk wanda ya zo wurina, kafin ya zauna nake tura shi rajistara ya ga fayil ɗinsa da idonsa. Kada ka aiki masinja. Ka jera abu huɗu a tebur: fayil, NIN, BVN, da bayanan da kamfanin fansho ke riƙe da su. Ka duba rana da wata da shekara, sannan suna harafi-harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar makaranta, duk wannan yana tsayar da biya. In ka buɗe asusunka kafin Yulin 2019 ba ka je an sabunta bayananka ba, gobe ka je da takardar NIN. Gyaran nan yana cin watanni, shi ya sa nake cewa a fara tun saura shekara biyu, lokacin da albashi ke shigowa kuma kana da kuɗin mota.

Na biyu da ke ƙona mini rai shi ne takardun 2004. Tsarin karo-karo a 2004 ya fara, kuma wanda ya kama aiki kafin nan yana da haƙƙin shekarun baya, wanda ake lissafawa da matakin albashin da yake kai a ranar 30 ga Yuni, 2004. Ga mutum irina shekara goma sha uku da wani abu ke nan, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Hujjarka ita ce takardar ƙarin girma da takardar albashi ta wannan lokacin. Wani ƙanen abokina ya zo mini da ta mataki na 7, alhali ya rantse an kai shi na 8 tun 2003. Na ce ina takardar? Ya ce gara ta cinye ta a akwatin uwargida. Malam, rantsuwa ba ta shiga lissafi. Sai da ya koma hedikwata ya yi sati yana roƙo kafin aka zaƙulo kwafi. In ya bari aka tantance shi a na 7, da a haka za a lissafa masa.

Ni yadda nake yi, jakar roba guda: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, duk na ƙarin girma a jere bisa shekara, ta sauyin ma'aikata in ka taɓa yi, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, da takardun albashi har na watanni ukun ƙarshe. Kwafi biyu, ɗaya a gidan ɗan'uwa, sannan hoto a waya. Wasu suna cewa na cika tsanani. To.

Sai ƙanana. Ka karɓi cikakken bayanin asusunka ka bi shi wata-wata, duk watan da ba a zuba ba ka bi sawunsa tun kana da kujera a ofis. Mai lambar fansho biyu ya je a haɗe su. Ka sanar da kamfanin fanshonka tun saura wata shida, ofis kuma wata uku. Kuɗin asusun gidaje na NHF da aka yi ta yanka maka ana mayarwa, amma sai ka nema. Wanda ka rubuta a gurbin makusanci ba shi ne magaji ba, in ta Allah ta kasance sai iyali sun kawo takardar kotu.

Akwai kuma sa hannun da ba a warwarewa. Za a ba ka zaɓi biyu. Ko kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana biyanka wata-wata, a fom `Programmed Withdrawal`, in ka rasu ragowar ta magada ce. Ko a miƙa shi ga kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rai, wato `Annuity`, amma lamunin magada shekara 10 ne daga farawa, in ka wuce su ka rasu babu saura. Daga na farko ana iya komawa na biyu, daga na biyu babu dawowa. Na ga dattawa sun sa hannu a bakin get don wani yaro mai taye ya ba su lema da kalanda. Ni na zaɓi na farko saboda ina da ƙananan yara, kuma na nemi a mayar da ni asusun da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, `Fund VI`. Mai lafiya da 'ya'yansa suka kama ƙasa yana iya ganin na biyu ya fi masa. Ka sa kowane ɓangare ya rubuto maka adadin da za ka riƙa karɓa a wata, ka kwana da takardun sati guda.

Kuɗin dunƙule da ake ba ka a farkon ritaya kuma kada ka ci bashi a kansa. Ba kaso ɗaya ake ba kowa ba, ya danganta da shekarunka da albashinka na ƙarshe da abin da ke asusun. Jiya ma wani ya ce mini ya riga ya biya kafin alƙalami na Keke Napep biyu. Na tambaye shi nawa ne a asusun nasa, sai ya hau lalube a waya yana neman saƙon bara.