Yadda Ake Gano Inda Jimla Ta Samo Harshen Damo

Jimla mai harshen damo ita ce wadda za a fahimce ta ta fuska biyu. Wani lokaci kalma guda ce ta jawo haka, wani lokaci kuwa ginin jimlar ne. Ga tambayoyin da za ka bi ɗaya bayan ɗaya don ka rarrabe su.

Da me zan fara?

Ka rubuta ma'anonin biyu dalla-dalla. Ɗauki "Audu ya ci kuɗin". Ko dai amana aka ba shi ya cinye, ko kuma gasa aka yi ya lashe. Ɗauki kuma "Na ga motar amarya mai kyau". Wace ce mai kyan, motar ko amaryar?

Yaya zan san ko kalma ce ta jawo?

Ka cire kalmar da kake zargi, ka sa wata a gurbinta. Da ka ce "Audu ya handame kuɗin", zancen gasa ya kau. To, wannan harshen damon na kalma ne: "ci" ke ɗauke da ma'ana biyu, amma ginin jimlar ɗaya ne tak.

Idan canjin bai yi magani ba fa?

Gwada ka gani. Sa "riga" a madadin "mota", sa "yarinya" a madadin "amarya": "Na ga rigar yarinya mai kyau". Ruɗanin yana nan daram, alhali babu kalmar da ke da ma'ana biyu. Matsalar ita ce inda "mai kyau" ta rataya. Sai ka kasa jimlar da baka: [motar amarya] [mai kyau], ko kuma [motar] [amarya mai kyau]. Hanyar kasawa biyu ke nan, wato jerin kalmomi guda yana da bishiyar li'irabi biyu, zanen da ke nuna yadda aka gina jimla. Wannan shi ne na ginin jimla.

Yaya zan tabbatar?

Ka matsar da siffar kusa da sunan da take bayyanawa. "Kyakkyawar motar amarya" daban, "motar kyakkyawar amarya" daban. Jam'i ma yana tona asiri, domin a "motocin amarya masu kyau", "masu" ba ta da wurin komawa sai motocin.

Ina ɗalibai suka fi tuntuɓe?

Wajen jimla irin "Na ga wata". A takarda tana iya nufin watan sama ko wata mace, amma a baki ba a ruɗewa, saboda karin sauti da tsawon wasalin ƙarshe sun bambanta. Rubutun boko ne ba ya nuna su. A ganina bai kamata a jera ta da "ci" ba. In ta fito a jarrabawa, ka bayyana cewa harshen damon nata a rubuce kawai yake.