Yadda Ake Rage Dogon Saƙo Ya Koma Umarni Ɗaya

Dogon saƙo yakan kasa sa mutane su motsa, ba don ba su karanta ba, sai don sun karanta sun rasa abin da ake so su yi. Bari mu ɗauki misali daga Jos. A ce kai ne sakataren layinku a Anguwan Rogo, damina ta kusa, an yi taro an yanke cewa kowane gida zai ba da naira 2,000 a yashe kwata kafin ruwan Afrilu ya sauka. Ka zauna ka rubuta wannan:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga iyayenmu da 'yan uwa baki ɗaya, muna sanar da ku cewa an yi taro ranar Asabar a ƙofar gidan Mai Unguwa, kuma mun gode wa waɗanda suka halarta. An tattauna matsalar kwata, kamar yadda kowa ya ga abin da ruwa ya yi mana bara. Wasu sun ce a jira ƙaramar hukuma, wasu sun ce mu yi da kanmu. A ƙarshe an ga ya kamata a taimaka da abin da aka yanke a kai wa Ma'aji nan ba da jimawa ba. Haka kuma ana roƙon a daina zuba shara a kwata, sannan akwai wani taron a ƙarshen wata. Allah ya ba mu ikon yi."

Babu ƙarya a ciki, kuma akwai ladabi. Amma nawa ne kuɗin? Zuwa yaushe? Wa zai biya, maigida ko kowane ɗan haya? Saƙon bai faɗa ba.

Matakin farko, ajiye abin da ka rubuta, kada ka fara gogewa tukuna. Tambayi kanka: idan mutum ya gama karantawa ya sa wayar a aljihu, me nake so ya tashi ya yi? Amsa da jimla ɗaya, da baki, kamar kun haɗu a ƙofar masallaci yana sauri. A nan amsar ita ce: ya kai kuɗin yashe kwata. Idan ka ji kanka kana cewa "sannan kuma", to saƙonni biyu ke hannunka. Dogon rubutun nan ma buƙata uku ya ɗauko: biyan kuɗi, daina zuba shara, da zuwa taro. Wadda lokaci ya fi matsa wa ita ce kuɗin, don masu aikin ba za su shiga kwata ba sai an tara. Sauran biyun su jira ranarsu, kowacce da saƙonta. Mutane sukan ji kamar asara ce a raba, amma wanda aka ba abu uku yakan zaɓi mafi sauƙi ya ce ya cika. Zai hana yara zuba shara kwana biyu, kuɗin kuwa shiru.

Mataki na biyu shi ne a cike wa jimlar nan abin da ba za ta yi aiki ba sai da shi: wa zai yi, nawa, ina, zuwa yaushe. A nan ne na fi son a tsaya, domin a nan Hausarmu ta ladabi take ɓoye mutum. "Ya kamata a taimaka" magana ce mai daɗi, amma ba ta nuna kowa ba, kowa sai ya ɗauka da maƙwabcinsa ake. Ka ce "kowane gida ya kai". "Abin da aka yanke" ya koma N2,000, domin waɗanda ba su zo taron ba su ne suka fi buƙatar saƙon. "Nan ba da jimawa ba" ya koma rana da lokaci. Ka guji "gobe" da "jibi", saboda wani sai bayan kwana biyu zai kunna data, ko a tura masa daga wata waya, gobensa ba taka ba ce. Rubuta sunan ranar da kwanan wata, ka ɗaure da lokacin da kowa ya sani, kamar kafin sallar Isha.

Sai ka koma kan dogon rubutun, jimla bayan jimla, da tambaya ɗaya: idan na cire wannan, mutum zai kasa biya, ko zai biya ba daidai ba? Wurin taro da godiya ga mahalarta su fita. Muhawarar a jira hukuma ko a yi da kai ma ta fita, an riga an yanke, maimaita ta tayar da gardama ne kawai. Dalili kuwa kada a cire shi gaba ɗaya, ba wanda yake son fitar da kuɗi bai san na mene ne ba, amma kalmomi uku sun isa: "na yashe kwata". Abin da ya rage:

"Salam. Kowane gida ya kai N2,000 na yashe kwata shagon Ma'aji kafin sallar Isha ranar Alhamis 9 ga wata. Wanda ya riga ya biya ba da shi ake ba. Sakatare."

Umarnin ya zo nan take bayan sallama, domin sanarwar da ke fitowa a fuskar waya farkon saƙo kawai take nunawa, WhatsApp kuma yana naɗe dogon rubutu a ƙarƙashin Read more.

Idan ta tes za ka tura, saboda dattawan da ke riƙe da ƙaramar waya, akwai iyaka. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa, ƙ ko ɗ ko ɓ, ko alamar ₦, iyakar takan sauko zuwa 70, sai saƙon ya rabu gida-gida, a caje ka kuɗin kowanne. Shi ya sa na rubuta N2,000. Saƙon na sama bai kai 160 ba, kuma babu irin waɗannan haruffan a ciki.

Wani zai ce wannan ya yi tsauri, a yi wa manya magana ba gaisuwa. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ba a cire sallama, ba a cire sunan mai aikowa. Idan Mai Unguwa ko Liman za ka tura wa shi kaɗai, ƙara "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya gafarta Malam", ka ce "muna tunatarwa" maimakon "ya kai". Layi ɗaya na girmamawa ya wadatar, adadin kuɗi da rana kuma su zauna yadda suke.

Kafin ka tura, miƙa wayar ga wanda bai je taron ba, ƙaninka ko mai shagon kusa, ya karanta sau ɗaya, ka karɓe, ka ce masa: "To, me za ka yi?" Idan ya ce zai kai dubu biyu shagon Ma'aji kafin Isha ta Alhamis, tura. Idan ya ce "wane Ma'ajin?" ko "mu 'yan haya fa?", ka yanke fiye da kima, mayar da wannan guntun. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, "kowane gida" na iya zama rigima, sai ka rubuta "kowane magidanci" in haka aka yanke a taron.

Bayan ka tura, amsoshin da suka fara shigowa za su nuna maka inda aka tsaya. "Amin" da "Allah ya saka da alheri" kaɗai, ba kowa a shagon Ma'aji, alama ce an ɗauke shi sanarwa, ba a ga umarnin ba. Idan mutum biyu suka yi tambaya iri ɗaya, kada ka bi su ɗaya-ɗaya da amsa, gyara saƙon ka sake tura shi cikakke. Ranar Laraba da yamma ka maimaita shi kalma da kalma, ka ƙara a gabansa: "Tunatarwa."